Kuɗin masa da harajin Ingila: ki yi lissafi kafin ki tura wa Yaya

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Bauchi ce, ina aikin jinya a Birmingham, kuma ina da takardar zaman dindindin. Kowane wata ana cire min haraji daga albashi. Tun Afrilun bana, 2025, na fara yin masa da miyar taushe ina kaiwa gidajen suna da biki. Zuwa ƙarshen Satumba na yi cinikin fam 7,200, kayan aiki sun ci 2,700, yanzu 4,000 ne a ajiye. Takardar albashina ta Satumba ta nuna 22,800 tun farkon shekara. Wata ƙawata ta ce tunda ribar ba ta kai 12,570 ba, babu haraji a kaina. Amma wata mai ɗinki a nan an aiko mata da takardar biyan sama da dubu biyar, har sai da ta kwanta ciwo. Yayana kuma kullum yana kira in turo kuɗin a rufe ginin gidanmu na Fadaman Mada, wai kwano tashi yake yi. Akwai wani ejan da ya ce in ba shi lambobin shigata shafin hukumar haraji zai mayar da harajin sifiri. Wallahi na rasa barci. Me zan yi?

'Yar Bauchi a Birmingham

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki ta faɗi lamba ta gaskiya, amma ta ɗora ta inda ba wurinta ba. Fam 12,570 ɗin nan da gwamnatin Birtaniya ke yafe wa mutum, sau ɗaya ake ba da shi a shekara, a kan duk abin da mutum ya samu gaba ɗaya. Ba a ba albashi nasa, a ba masa nata. Ke kuwa albashinki ya riga ya cinye shi. Duba takardar albashin, za ki ga an rubuta 1257L a wajen lambar haraji. Ma'anarta wurin aikinki yana rarraba wannan rangwamen a kan watanni goma sha biyu, kowane wata a cire kasonsa kafin a lissafa abin da za a yanka. Saboda haka kuɗin masa ba su da wani rangwame da ya rage musu. A saman albashi suke hawa, kuma tun daga fam na farko na ribar akwai haraji.

Abin da ya sa lissafinki ya fi na wasu buƙatar natsuwa shi ne inda albashinki ya tsaya. A Ingila, shekarar harajin da muke ciki ta fara ne ran 6 ga Afrilu 2025, za ta ƙare ran 5 ga Afrilu 2026. Abin da ya haura 12,570 har zuwa 50,270 ana karɓar kashi 20 cikin ɗari a kansa. Abin da ya haura 50,270 kuma kashi 40. Ke kina dab da wannan iyakar, kuma masa ce za ta tsallakar da ke.

Ɗauko takardar Satumba mu bi ta tare. Albashin Satumba shi ne na wata na shida, wato rabin shekara cif, shi ya sa yanzu ne lokacin wannan lissafi. A ƙasan takardar, inda ake tara jimlar shekara, akwai layuka masu kama da juna. Wanda muke so shi ne wanda aka rubuta Taxable Pay, ba Gross Pay ba. Bambancinsu kuɗin fansho ne: a irin tsarin fanshon ma'aikatan lafiya, ana cire gudummawarki kafin a lissafa haraji, don haka na farkon ya fi ƙanƙanta, kuma shi hukuma ke kallo. Na ɗauka 22,800 ɗin da kika rubuto daga wannan layin kika kwafo. In ba daga nan ba ne, ki sauya lambar ki sake bin matakan.

Ninka shi biyu, ya zama 45,600. Kada ki tsaya nan. Kin fi ni sanin yadda asibiti ke cika a lokacin hunturu, da yadda ake roƙon ma'aikata su ƙara dutin dare da na ƙarshen mako. Mu ce ƙarin dutin zai kawo miki 1,400 daga nan zuwa Maris. Albashin shekara ya kama 47,000 ke nan. Tsakanin 47,000 da 50,270 saura 3,270. Riƙe wannan lambar, ita ce ɗan filin da ya rage miki a matakin kashi 20.

Sai masa. Ciniki 7,200, a cire kayan aiki 2,700, riba 4,500 a wata shida. A nan ma ninkawa biyu ba za ta ba ki gaskiya ba, domin rabin shekarar da ke tafe ya fi wanda ya wuce nauyi. Akwai bukukuwan Disamba. Azumin 2026 zai kama a tsakiyar Fabrairu, ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, dukansu kafin 5 ga Afrilu, wato cikin wannan shekarar harajin za su faɗo. Duk wanda ya san Bauchi ya san yadda ake neman masa a buɗa-baki da safiyar Sallah, kuma mutanenmu na can ba su bar wannan ɗabi'ar a filin jirgi ba. Mu sa 5,500 a rabi na biyu. Ribar shekara ta zama 10,000.

Yanzu raba dubu goman nan gida biyu. Fam 3,270 na farko za su shige ɗan filin da ya rage, a karɓi kashi 20, wato 654. Sauran 6,730 sun haura iyaka, kashi 40 ne a kansu, wato 2,692. Haɗa su: 3,346. Wannan shi ne harajin da babu wanda ke cire miki shi a ko'ina, ke za ki kai da hannunki. Da kin ɗauka kashi 20 ne a kan komai, da dubu biyu za ki tanada, ki wayi gari da giɓin da ya haura dubu ɗaya da ɗari uku.

Wuri ɗaya ne maganar ƙawarki ta yi daidai. Kuɗin inshorar ƙasa da masu sana'ar kansu ke biya, kashi 6 cikin ɗari, ba ya farawa sai ribar sana'ar ita kaɗai ta wuce 12,570, ba a haɗa ta da albashi. Taki ba ta kai ba, bana babu wannan a kanki. Ki dai sa ido in kasuwa ta ƙara buɗewa.

To ina dubu biyar ɗin da ta kwantar da mai ɗinki ta fito? Daga wani tsari da za ki gani a shafin HMRC, hukumar harajin Birtaniya, an rubuta payments on account. In harajin da ke kanki ya haura fam 1,000, kuma abin da aka riga aka cire daga albashi bai kai kashi 80 cikin ɗari na dukan harajinki na shekara ba, hukuma ba ta tsayawa a kan bashin shekarar da ta wuce. Sai ta ce ki fara biyan na shekara mai zuwa tun kafin ta ƙare, a kashi biyu, kowanne rabin harajin bara. Mu gwada da ke. A kan albashin 47,000 wurin aiki zai cire kusan 6,886. Dukan harajinki, in an haɗa da na masa, 10,232 ne. Abin da aka cire ya tsaya wajen kashi biyu bisa uku, bai kai 80 ba. Tsarin ya kama ki.

Ga yadda ranakun za su zo. Ran 31 ga Janairu 2027 za ki biya 3,346 na wannan shekarar, da ƙarin rabinsa, 1,673, a matsayin kafin alƙalami na shekara mai bi mata. Jimla 5,019 a rana ɗaya. Ran 31 ga Yuli 2027 kuma wani 1,673. Kin ga takardar mai ɗinki ba kuskure ba ce, ba kuma zalunci aka yi mata ita kaɗai ba. Haka shekarar farko take ga kusan duk mai albashi da ya ɗora sana'a mai ɗan kauri a kai. Ƙarin ba sabon haraji ba ne, za a cire shi daga lissafin baɗi, shi ya sa shekara ta biyu ta fi sauƙi in ribar ba ta yi tsalle ba. Amma a Janairun farko, tsabar kuɗi ake so. Gemun 'yar'uwarki ya kama wuta, ke kuma Allah ya ba ki wata goma sha biyar na shafa wa naki ruwa.

Tsawon lokacin nan shi ne tarkon. Masar da kika soya a Mayun bana, sai Janairun 2027 za a tambaye ki harajinta. Kuɗi na zaune a asusu wata da watanni, babu wasiƙa, babu kira, sai zuciya ta fara ɗaukarsu naki ne. Su ma mutanen gida haka za su ɗauka.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi a makon nan. Buɗe asusun ajiya dabam, wanda ba ki yawo da katinsa. A wannan shekarar ta farko, rabin duk ribar da ta shigo can za ta tafi, tunda 5,019 rabin dubu goma ne da ɗan ɗoriya. Daga 4,500 da kika riga kika samu, 2,250 na hukuma ne. Cire su daga dubu huɗun da ke hannunki, abin da ya rage naki na halak 1,750 ne. Daga nan duk ranar da aka biya ki kuɗin biki, ki cire na kayan aiki, ki raba ribar biyu a daren, kafin ki buɗe saƙonnin gida.

Lissafin zai iya sauka, kuma ta hanyar halak. Duk abin da kika kashe saboda sana'ar kaɗai ana cire shi daga ciniki: shinkafar tuwo, yis, mai, kabewa, nama, robobin zuba abinci, tandar da kika saya, kuɗin kai saƙo, da kason gas da lantarkin da soyawa ta ci in kin yi rabo mai ma'ana. Tunda ƙarshen ribarki a matakin kashi 40 yake, kowane rasit na fam goma da kika jefar, fam huɗu kika jefar. Na sha ganin mata masu abinci suna sayen nama a shagon halal da tsabar kuɗi, ba su karɓar rasit, ƙarshen shekara sai kame-kame. Karɓi rasit, ɗauki hotonsa nan take. In buhun shinkafa ɗaya kuke ci da yara kuma kike masa da shi, rabawa za ki yi, ba duka ba. Akwai rangwamen fam 1,000 na ƙananan sana'o'i, amma zaɓi ne, ko shi ko ainihin abin da aka kashe, ba a haɗa biyun. Ke da kika kashe 2,700 a wata shida, ainihin kuɗin ya fi miki. Kuɗin da aka miƙa miki a hannu a gidan suna ciniki ne kamar wanda aka turo ta banki. Abin da kike turawa Bauchi kuwa, ko na magani ne ko na makarantar ƙanne, ba ya rage miki ko sisi na haraji. Kowa yana tambayata wannan, amsar ba ta taɓa canjawa ba.

Abu guda ki duba: in ƙarin dutin da kike yi yana zuwa a wata takardar albashi dabam mai lambar BR, kashi 20 kawai ake cirewa a can, kuma dole ki haɗa jimlarsa da 22,800 kafin ki ninka. Da yawa suna manta takarda ta biyu, ita kuwa tana cinye ɗan filin nan na 3,270.

Batun rajista kin san hanyarsa, ba zan tsawaita ba. Doka ta ba ki har 5 ga Oktoba 2026 ki sanar da HMRC cewa kina buƙatar Self Assessment, wato tsarin da mutum ke cike takardar harajinsa da kansa, amma ki yi yanzu, a aiko miki da UTR, lambarki ta mai biyan haraji, ki adana. Da zarar P60, takardar jimlar albashi da harajin shekara da wurin aiki ke bayarwa, ta zo hannunki, wanda ba ya wuce ƙarshen Mayu, ki cike takardar harajin. Cikewa da wuri ba ta jawo ranar biya kusa, sai dai ta ba ki ainihin lambar wata bakwai ko takwas kafin a neme ta. Wanda ya makara wajen cikewa tarar fam 100 ce farkon abin da zai gani, wanda ya makara wajen biya kuma kuɗin ruwa na hawa, bayan kwana talatin a ɗora tarar kashi 5 cikin ɗari.

Yanzu ejan. Ki toshe lambarsa yau. Babu wata dabara ta gaskiya da ke mayar da harajin ribar dubu goma sifiri ga mai albashin 47,000. Hanya ɗaya ce: a rubuta ƙarya. Ko a ƙirƙiro kuɗin kayan aiki da ba a kashe ba har sana'ar ta zama asara, ko a cike wasu gurabe na rangwamen da ba ki ma san da su ba. Lokacin da nake aikin akanta a can, wani bawan Allah ɗan Gombe mai aikin kula da tsofaffi ya zo min da ambulan ruwan ƙasa na hukumar haraji har yanzu hannunsa na rawa. Ya ba irin wannan mutumin lambobin Government Gateway ɗinsa, wato na shiga shafin hukumar haraji, aka cike masa takarda da tafiye-tafiyen da bai yi ba da kayan aikin da bai saya ba. Kuɗi suka fito kuwa, ejan ya yanki kasonsa, har ɗan Gomben ya kai masa abokai. Dalilin da abin ke yin aiki da farko shi ne tsarin can na biya ne tukuna, bincike daga baya. Da binciken ya zo, aka ce ya kawo rasit, babu. Aka nemi dukan kuɗin, har kason da ejan ya ci, da kuɗin ruwa da tara. Wayar ejan a kashe. A idon hukuma takardar tasa ce, shi ya amince da ita, ko da wani ne ya danna.

Alamominsu ba sa ɓuya. Yana neman lambobinki na shiga, alhali akanta na gaskiya yana da nasa asusun wakilci, ke kawai izini za ki ba shi. Yana yi miki alkawarin sakamako kafin ya ga takarda ko ɗaya. Ladansa kaso ne daga abin da zai “ceto” miki. Kuma ba ya son ki karanta abin da ya cike kafin a tura. Kasancewarsa yana jin Hausa ko kuna haɗuwa a masallaci ba shaida ba ce, yawancin waɗanda na gani ta nan suka shigo. Ke kuma kina da abin asara fiye da kuɗi. In kina da niyyar neman zama 'yar ƙasa nan gaba, ana duba halin mutum, kuma gaskiyarsa a harkar haraji na cikin abin da ake dubawa. Ga lasisinki na jinya, wanda rashin gaskiya ke iya taɓawa. Takarda irin taki, albashi ɗaya da sana'a ɗaya, kina iya cike ta da kanki a yammaci guda. In kin fi son akanta, ki nemi mai rajista da ƙungiyar ƙwararru, mai faɗin ladansa tun farko.

Sai Yaya. Ba na ce ƙarya yake ba. Ina Bauchi, ina ganin yadda farashin kwano da katako ke hanawa mutane barci, kuma gini a buɗe ciwo ne a zuciyar babban gida. Amma yanzu damina ta ɗauke, bulo ba zai narke ba kafin watan Mayu. Gaggawar tasa ta farashi ce, taki kuwa ta doka ce, mai rana da tara. A wannan karon ina bayanki. Wani abu da ke ba ni haushi da mutanenmu shi ne da an ji 'yar'uwa ta fara sana'a a waje, sai a ɗauki kalkuleta a buga cinikinta da canjin naira, a raba kuɗin a baki tun kafin ta wanke tanda. Ba wanda ke tambayar ƙarfe nawa ta tashi ta jiƙa shinkafa bayan ta sauko daga dutin dare. Kuma ranar da ambulan ɗin ya iso, babu wanda zai sayar da ko bandir ɗaya na kwanon ya turo miki. Abin da za ki ji shi ne “Allah ya kawo mafita”, sai ki koma cin bashin kati mai ruwa don ki biya hukuma. Zumuncin da zai jefa ki cikin kuɗin ruwa da tara ba shi Allah ya umarta ba.

Ke ma da naki. Na tabbata ke kika faɗa a gida cewa kina da dubu huɗu, wataƙila don Hajiya ta ji daɗi. Daga yau ciniki ba labarin waya ba ne. Abin da za a ji daga bakinki shi ne abin da kika yanke za ki bayar.

Kada ki yi masa gardama, kada kuma ki ce ba ki da kuɗi, domin ya san kina da su. Ce masa: “Yaya, kuɗin nan ba duka ne nawa ba, fiye da rabi na gwamnati ne da aka bar min ajiya, in na taɓa takarduna ne za su samu matsala. Abin da zan iya yanzu ga shi, sauran sai bayan ƙaramar Sallah in na rufe lissafi.” Mutanen gida ba sa jin kalmar haraji, amma suna jin kalmar takardu. In son samu ne, cikin 1,750 ɗin ki tura dubu ɗaya ko ƙasa da haka, ki bar sauran jarin Disamba, kuma ki ce a sayi kwanon a ajiye a turo miki hoton rasit, tunda tashin farashinsa ne abin tsoron. In ya kai ƙara wajen Hajiya, ki riga shi, ki yi mata bayanin da kanki cikin ladabi, da lambobin a gabanki.

Wannan ƙiyasi ne na Oktoba, ba zai zauna yadda yake ba. Ki sake shi da takardar albashin Disamba, wata na tara: raba jimlar gida tara ki ninka sau goma sha biyu, ki cire daga 50,270 ki ga filin da ya rage, sannan ki ɗora ainihin ribar bukukuwan ƙarshen shekara. In filin ya ƙare gaba ɗaya saboda yawan duti, to dukan ribar masa kashi 40 ce, kuma abin da za ki riƙa warewa ya tashi daga rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari har Janairun 2027 ya wuce.